Fim Ɗaya, Tagogi Uku: Yadda Ake Fitar da Bidiyo don Waya, TikTok da Majigi

Wanda ya taɓa zama kusa da edita a ɗaya daga cikin ofisoshin 'yan fim da ke titin gidan Zoo a Kano, a daren da aka gama tace fim, ya san irin maganar da furodusa kan yi yana tsaye da makullin mota a hannu: "Malam, fitar mana da shi kawai, guda ɗaya ya isa. Mu ɗora a YouTube, yara su yanko na TikTok, ranar Asabar kuma mu haska shi a ɗakin taro." Idan editan sabon hannu ne, sai ya danna Export ya tafi cin abinci. Idan kuwa ya daɗe a sana'ar, zai juyo da kujerarsa ya ce, "Alhaji, wannan ai aiki uku ka lissafa."

Gaskiyar editan ce. Wayar da aka kwantar a hannu, da wayar da aka riƙe a tsaye, da farin allon majigi, tagogi ne guda uku masu siffa daban-daban, kuma fayil ɗin da aka ɗinka wa ɗaya ba ya zama daidai a jikin sauran. Yawancin lalacewar da masu kallo ke gani, kamar jarumin da aka yanke masa rabin fuska, ko ɗan mitsitsin hoto da baƙi ya kewaye shi ta kowane gefe, ko fuskar da ta dagargaje a fitowar dare, ba a wajen ɗauka aka yi ta ba. A mintunan ƙarshe aka yi ta, lokacin da ake zaɓar saitin fitarwa.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne ma'aunin faɗi da tsayi. Idan aka rubuta 16:9, ana nufin duk taku 16 na faɗin hoton yana tafiya da taku 9 na tsayinsa. Wannan ita ce siffar talabijin ɗin zamani da kwamfuta da YouTube. In aka juya lambobin suka zama 9:16, hoton ya miƙe tsaye ke nan, irin na TikTok da Reels da Shorts da sitatus na WhatsApp. Sinima kuma tana da nata guda biyu, 1.85:1 da 2.39:1, wato faɗin ya kusa ninka tsayin sau biyu a na farko, ya kusa sau biyu da rabi a na biyu.

Waɗannan lambobi suna da tarihi. Tsofaffin finafinai da akwatin talabijin na da kusan murabba'i suke, 4:3. Da talabijin ta fara janye mutane daga gidajen sinima a Amurka, sai kamfanin 20th Century Fox ya fito da fim ɗin The Robe a 1953 da wata sabuwar dabara mai suna CinemaScope, hoto mai faɗin da akwatin gida ba zai iya kwaikwaya ba. Indiya ta bi sahu a 1959 da Kaagaz Ke Phool. Shi kuwa 16:9 sulhu ne: wani injiniya mai suna Kerns Powers ya gabatar da shi a 1984, bayan ya lura cewa a cikin wannan siffar tsohon hoto mai murabba'i da faffaɗan hoton sinima duk za su iya shiga ba tare da ɗayansu ya yi asara mai yawa ba. Dattawan da suka kalli finafinan Indiya a sinimar Plaza ko Marhaba, daga baya suka sake kallon su a kaset a gida, sun ga wannan rikici da idonsu tun kafin a san da waya: wani lokaci jarumi yana magana da wanda ba a gani, don an yanke gefen hoton, wani lokaci kuma mutane su yi tsawo su rame kamar sanda, don an matse faɗin cikin akwati. Finafinan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya a 1990, ba su sha wannan wahalar ba, domin da kyamarar bidiyo aka ɗauke su, kuma don akwatin gida aka yi su. Taga ɗaya ce. Yanzu ne tagogin suka yawaita.

A ɗauki misali ɗaya a bi shi daki-daki. Fim ne mai tsawon minti 90, an ɗauke shi a 3840x2160, wanda ake ce wa 4K, hotuna 25 a kowane sakan. Waɗannan lambobi na farko adadin ɗigo-ɗigon da suka haɗa hoton ne, wato fiksel: 3840 a kwance, 2160 a tsaye. Darakta yana son fim ɗinsa ya yi kama da na sinima, don haka edita ya shimfiɗa baƙin layi sama da ƙasa, abin da ya rage a tsakiya ya zama 2.39:1. Ba laifi a wannan sha'awa. Laifin yana zuwa ne idan aka fitar da fim ɗin da baƙaƙen layukan a manne cikin fayil.

Ga abin da ke faruwa. Edita ya fitar da 1920x1080, amma ainihin hoton 1920x804 ne, sauran fiksel 138 a sama da 138 a ƙasa fentin baƙi ne kawai. Waya ba ta san fenti ba ne. A wurinta wannan bidiyon 16:9 ne, kuma haka za ta nuna shi. To, yawancin wayoyin da ke hannun jama'a yanzu sun fi 16:9 tsawo. Ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da yawa fuskarsu 720x1600 ce. Idan aka kwantar da irin wannan waya, bidiyon 16:9 zai cika tsayin 720 ya tsaya a faɗin 1280, ya bar baƙi na fiksel 160 hagu da dama. Sai kuma baƙin da edita ya zana sama da ƙasa ya ƙaru a kai. Abin da mai kallo zai samu shi ne hoto mai 1280x536 a tsakiyar baƙin fili ta gefe huɗu. Da a ce editan ya saita aikin a 1920x804 ya fitar da hoton tsirara, ba layi, da wayar ta buɗe shi zuwa kusan 1600x670. Bambancin ya haura rabi: mai kallo ya yi asarar wannan girman hoto a banza, a kan fuskar da tun asali ba ta wuce tafin hannu ba. YouTube kansa yana karɓar bidiyo mai kowace siffa, kuma shi yake ƙara baƙi inda ake bukata gwargwadon na'urar mai kallo. Ba ya bukatar a taya shi.

Gane wannan kuskure ba wuya. A buɗe fim ɗin a waya, a kwantar da ita, a cika fuska. In baƙi ya bayyana a gefe biyu kawai, siffar fim ce ta bambanta da ta wayar, kuma wannan daidai ne. In ya bayyana a gefe huɗu, an manna layi a cikin fayil.

Shi ya sa editocin da suka san aiki suke fara fitar da abin da za a iya kira uwar fim: fayil guda mafi inganci, a cikakken girmansa, ba baƙin layi, ba tambarin tasha, ba rubutun fassara a manne. Galibi a ProRes ko DNxHR ake fitar da ita, tana da nauyi sosai, kuma ba don kallo aka yi ta ba. Daga gare ta ake haifar da sauran. Abin takaici, sau da yawa akasin haka ake yi: a fitar da ƙaramin fayil, a tura wa wani ta WhatsApp, manhajar ta matse shi, shi kuma ya yanka ya sake fitarwa, TikTok ya sake matsewa. Kowace matsa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa, kamar takardar da ake ta yi wa fotokwafi daga fotokwafi. In dole ne a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin Document, domin ta wannan hanyar manhajar ba ta taɓa fayil ɗin, kuma tana ɗaukar har gigabait 2.

Nauyin fayil da kuɗin data

Bayan siffa, sai nauyi. Saitin da ke yanke hukunci a nan shi ne wanda manhajoji ke rubutawa Bitrate, wato yawan bayanan da aka ware wa kowane sakan na bidiyo, ana auna shi da megabit. Lissafinsa mai sauƙi ne, kuma ya kamata kowane furodusa ya iya shi: a ninka megabit da yawan sakan, a raba da 8, sai a sami megabait. Fim ɗin minti 90 sakan 5,400 ne. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 ga bidiyon 1080p mai hotuna 24 zuwa 30 a sakan, don haka fayil ɗin da za a ɗora zai kai gigabait 5.4. Wannan nauyin ba zai faɗa wa mai kallo ba, domin YouTube zai sake sarrafa shi zuwa girma daban-daban, kowa ya zaɓi daidai ƙarfin datarsa. Aikin edita a nan shi ne ya ba shi abu mai kyau da zai sarrafa.

Fayil ɗin da zai shiga memori ko ya yi yawo ta Xender daga waya zuwa waya, irin wanda masu tura finafinai ke zuba wa mutane a shaguna, lissafinsa daban. Babu wanda zai sake gyara shi a hanya, yadda ya fita haka za a kalle shi. Ga wayar da fuskarta 720 ce, fitar da 1080p ƙarin nauyi ne da ido ba zai amfana da shi ba. Faɗin 1280 a kan megabit ɗaya da rabi, da sauti a kilobit 128, zai ba da fayil mai kimanin gigabait 1.1. In aka sauko zuwa 480p da jimillar megabit 0.8, zai tsaya wajen megabait 540. Wanda ya tuna faifan VCD, da hotonsa bai wuce 352x288 ba, ya san cewa ko wannan ƙaramin ya fi abin da aka yi shekaru ana kallo a falo.

Sai dai akwai inda rowar megabit ke tona asiri. Na'urar matse bidiyo tana samun sauƙi ne idan hoto bai cika canzawa ba: mutum biyu zaune a falo suna hira ba sa cin komai. Amma a kawo fitowar biki, mata sanye da atamfa mai ƙananan zane suna rawa, ana liƙi, kyamara tana zagayawa, nan take hoton zai farfashe ya zama ƙananan akwatuna. Haka ƙurar hunturu, da ruwan sama, da ganyen bishiya a iska. Wuri na biyu shi ne duhu. A fitowar dare, na'urar tana ɗaukar wuraren da ba haske a matsayin inda za ta yi tsimi, kuma fuskar baƙin mutum da ba a haska ta sosai ba tana faɗawa cikin wannan tsimin. Sai kumatu da goshi su zama shafaffen tabo, idanu kawai ke motsi. Wannan ya fi shafar finafinanmu fiye da yadda ake zato, kuma ya isa dalilin da zai sa edita ya gwada saitinsa a kan fitowar biki da ta dare kafin ya saki rendarin na fim gaba ɗaya. Minti ɗaya daga kowace ya isa. In sun fita lafiya, sauran za su fita.

Game da nau'in fayil, zaɓin da ba ya ba da kunya shi ne MP4 mai H.264 da sautin AAC. Sabon tsarin H.265, wanda ake kuma rubutawa HEVC, yana ba da inganci iri ɗaya a ƙaramin nauyi, amma tsofaffin wayoyi da wasu talabijin ba sa buɗe shi, ko su ba da sauti ba hoto. Akwai kuma tarkon iPhone: tun daga iPhone 12 wayar tana ɗaukar bidiyo a HDR in ba a kashe ba, kuma idan aka cakuɗa shi da na sauran kyamarori ba tare da an mayar da shi Rec.709 ba, fatar mutane sai ta koɗe, farar riga ta ƙone.

Idan hoto ya miƙe tsaye

Nan ne aikin ya fi bukatar tunani, domin mayar da faffaɗan fim zuwa 9:16 sabon tacewa ne, ko da na sakan 45 ne.

A duba lissafin. Hoto mai 1920x1080, idan aka yanko tsayayyen yanki daga cikinsa, tsayin yana nan 1080 amma faɗin da zai rage fiksel 608 ne kacal. Kusan kashi biyu cikin uku na hoton ya tafi. Sannan dole a buɗa wannan ɗan yanki ya cika 1080x1920, wato a kusa ninka shi biyu, shi ya sa tallan fim da yawa a TikTok suke fita dishi-dishi alhali fim ɗin kansa tas yake. A nan ne ɗauka a 4K ke biyan kuɗinsa: daga 3840x2160 yankin da za a samu 1215x2160 ne, ya fi abin da ake bukata, ba sai an buɗa komai ba.

Amma a fim ɗin misalinmu akwai wani lanƙwasa. In aka yanko daga uwar fim mai 2.39:1, tsayinta 1608 ne, faɗin yankin zai tsaya wajen 904, bai kai 1080 ba. Hanyar da ta fi ita ce edita ya koma kan ainihin abin da kyamara ta ɗauka, ya cire layukan, ya dawo da saman da ƙasan da aka ɓoye. Tsayayyen hoto yana son wannan filin, don a ga hula da hannaye. Sai dai a buɗe ido: abin da aka ɓoye a ƙarƙashin baƙin layi ba kullum yake da tsabta ba. Sau da yawa a nan ake tarar da kan makirufo yana leƙowa daga sama, ko wayar lantarki a ƙasa, domin mai ɗauka ya san za a rufe wurin.

Yanzu a ɗauki fitowa ɗaya. Uba yana zaune a kan kujera a gefen hagu, 'yarsa tana durƙushe a gefen dama, tsakaninsu fili, kuma wannan filin shi ne ma'anar fitowar, domin yana nuna nisan da ke tsakaninsu. In aka bar manhaja ta yanko tsakiya, abin da za a gani shi ne bango da labule, da gwiwar uba a gefe ɗaya, da gefen mayafi a ɗayan. Manhajoji suna da maganin gaggawa, Auto Reframe a Premiere Pro da CapCut, Smart Reframe a DaVinci Resolve Studio, waɗanda ke bin abin da ke motsi. Suna aiki idan mutum ɗaya ne a hoton. Idan biyu ne, sai taga ta riƙa kai-komo tsakaninsu, wani lokaci ta bi hannun da ya motsa ta bar bakin da ke magana.

Edita mai haƙuri yana da hanyoyi da suka fi wannan. Zai iya yanka fitowar gida-gida, ya nuna uba lokacin da yake faɗa, ya koma kan 'yar lokacin da maganar ta sauka a kanta, kamar da kyamara biyu aka ɗauka. Zai iya raba fuskar wayar biyu, uba a sama, 'ya a ƙasa, kowa a nasa akwatin, dabarar da ta dace da cacar baki. Ko kuma ya haƙura da wannan fitowar, ya zaɓi wata da aka ɗauki fuska kusa. Wannan na ƙarshe shi ne sau da yawa ya fi, domin akwai fitowar da faɗinta ne ranta, kuma tilasta mata tsayuwa kashe ta ne.

Abin da aka fi yi, saboda sauƙi, shi ne a jefa fim ɗin gaba ɗaya a tsakiyar tsayayyar fuska. Hoton 2.39:1 a faɗin 1080 tsayinsa 452 ne cikin 1920, bai kai rubu'in fuskar ba. Fuskar jarumi a ciki ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma mai kallon da babban yatsansa ke kan gilashi ba zai tsaya ƙura ido ba. In har ana son a riƙe wani abu na faɗin, a yanko murabba'i, 1080x1080, ko 4:5, wato 1080x1350, a sa sunan fim da ranar fitowa a sararin da ya rage.

Sannan ba duk 1080x1920 ɗin ne na edita ba. Manhajar tana ɗora kayanta a kai: sunan mai shafi da bayani da sunan sauti a ƙasa, maɓallan so da sharhi da turawa a gefen dama, wasu rubuce-rubuce a sama. Shawarar da kamfanin Meta ke ba masu talla a Reels ita ce su bar kusan kashi 14 cikin ɗari a sama da kashi 35 a ƙasa ba muhimmin rubutu. Fassarar Turanci da finafinan Hausa suka saba sawa a ƙasan hoto daidai wurin take faɗawa, in ma ba a riga an yanke mata kai da wutsiya ba wajen rage faɗi. Dole a sake rubuta ta, gajerun layuka, a ɗaga ta zuwa ƙasan ƙirjin mai magana. Ga amfanin uwar fim marar rubutu. Sauran saitin ba su da rikici: H.264, hotuna 25 a sakan kamar yadda aka ɗauka, megabit wajen 10, wanda zai ba da megabait 56 ga sakan 45. Kafin a saki, a ɗora shi a ɓoye yadda mai shafi kaɗai zai gani, a duba a waya ta gaske.

Darakta da ya san tun farko cewa fim ɗinsa zai je TikTok yana iya sauƙaƙa duk wannan a wajen ɗauka. Kyamarori da ƙananan allunan dubawa da yawa suna nuna layukan jagora a kan hoto. A kunna na 2.39:1, a kuma san inda tsakiyar 9:16 take, a ɗauki fitowa biyu ko uku da za su zama talla da wannan a zuciya.

Daren haskawa

Kalmar haskawa tana ɗauke da abu biyu. Akwai gidan sinima na zamani, akwai kuma ɗakin taro da aka kawo furojekta da kwamfuta da lasifikan haya.

Gidan sinima ba ya kunna MP4 a ƙa'ida. Abin da na'urarsa ke ci shi ne DCP, wanda ba fayil ɗaya ba ne, jaka ce mai ɗauke da hoto daban, sauti daban, da ƙananan fayilolin da ke gaya wa na'ura yadda za ta haɗa su. Kowane hoto ana matse shi shi kaɗai a tsarin JPEG 2000, har zuwa megabit 250 a sakan. Ko a 150 aka tsaya, fim ɗin minti 90 zai haura gigabait 100. Akwai manhajar kyauta, DCP-o-matic, da ke yin wannan aiki daga uwar fim, amma tana cin sa'o'i, kuma na'urar sinimar ma sai ta kwafe jakar cikin cikinta kafin ta kunna. Ba abin da ake kaiwa da yammar ranar haskawa ba ne.

Akwatuna biyu ne a DCP na 2K: Flat mai 1998x1080, da Scope mai 2048x858. Fim ɗin 16:9 yana shiga Flat da ɗan siririn baƙi na fiksel 39 a kowane gefe, wanda ba mai lura da shi. Fim ɗin misalinmu na Scope ne. In aka kai fayil mai layi a manne, za a zuba shi a Flat, kuma abin da ya faru a wayar Tecno zai maimaita kansa a allon da ya kai girman bango: hoto a tsakiya, baƙi ta ko'ina, alhali allon an yi shi ne don irin wannan faɗin. Ma'aikacin majigi yana duba harafin F ko S a cikin sunan jakar don ya san saitin da zai zaɓa, don haka sunan ma sai an rubuta shi daidai.

Sai batun gudu. A Nijeriya da Nijar an saba da hotuna 25 a sakan, gadon tsarin talabijin da wutar lantarki mai bugawa sau 50 a sakan. Sinima kuwa 24 ta gada. Sababbin na'urori masu karɓar DCP na SMPTE suna kunna 25, amma tambaya ake yi tun da wuri. In dole sai 24, ana rage gudun fim ɗin ne da kashi 4 cikin ɗari, minti 90 ya koma 93 da sakan 45, muryoyi su ɗan yi kauri in ba a gyara ba. Abin da ba a so shi ne a bar manhaja ta riƙa zubar da hoto ɗaya a kowane sakan, domin duk lokacin da kyamara ta juya za a ga tsalle.

A ɗakin taro ba a bukatar DCP. Fayil ɗin H.264 a faɗin 1920 da megabit wajen 20 ya wadatar, kuma kwamfuta za ta kunna shi ba tare da shaƙewa ba. Nauyinsa gigabait 13.5 ne, kuma nan wani tarko yake: filashin da aka tsara a FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, ko da yana da sarari. Sai an mayar da shi exFAT ko NTFS. Furojektocin haya kuma da yawa na ofis ne, masu 1024x768 ko 1280x800, kuma wasu an saita su su ja duk abin da aka ba su ya cika allo. Hanyar ganewa ita ce a tsayar da fim a inda akwai abu mai da'ira, tayar mota ko faifai ko agogon bango. In ya zama ƙwai, a shiga saitin furojekta a mayar da Aspect zuwa Auto ko Native.

Haske ma yana sauyawa. Allon sinima a ƙa'ida hasken farinsa bai kai rubu'in na fuskar waya ba, duhun ɗaki ne ke sa ya wadatar. A ɗakin taro mai tagogi, da furojekta da fitilarsa ta tsufa, fitowar daren da ta yi kyau a kwamfutar edita tana iya ɓacewa ɗungurungum. Ana rufe tagogi, ko a jira bayan isha'i, ko a fitar da kwafi na musamman da aka ɗan ɗaga duhunsa.

Sauti shi ne abin da aka fi mantawa. Wanda aka haɗa don waya an matse shi ya yi ƙara, don a ji magana a cikin hayaniyar kasuwa, kuma idan ya shiga manyan lasifika sai ya zama duka a kunne. Akwai kuma kuskuren da waya mai lasifika ɗaya ke rufa wa asiri: maganar da aka ɗauka da makirufon maƙalawa ta zauna a layin hagu kaɗai. A waya ba a ji bambanci, amma a ɗakin taro mutanen gefen dama kiɗa kawai za su ji, murya tana can nesa. Sanya abin ji a kunne na minti biyu yana tona wannan. A sinima ta gaske akwai lasifika a bayan tsakiyar allo wadda aka keɓe wa magana, kuma fim ɗin da aka haɗa sautinsa 5.1 can yake tura muryoyi, su fito daga inda bakin yake.

Saboda haka masu shirya haskawa da suka taɓa ƙonewa suke zuwa ɗakin kwana ɗaya kafin ranar, da ainihin fayil ɗin da ainihin kwamfutar da wayar HDMI da za a yi aiki da su. Suna kunna farkon fim, su tsallaka zuwa fitowar dare, su tsallaka zuwa mafi ƙarar waƙa, sannan su je mintunan ƙarshe su duba ko baki da murya suna tafiya tare, domin bidiyon da aka ɗauka da waya gudunsa yana hawa da sauka, kuma saɓanin da ba a gani a minti na biyar yana iya fitowa fili a minti na tamanin. Mutum ɗaya yana zama a layin gaba, wani a kujerar ƙarshe ta gefen dama, editan kuma yana tsaye wajen na'ura da kwafi na biyu a wani filashin a aljihunsa.